Waya ta mutu murus: batir ne ya nutse, hanyar caji ce, ko fanel?

Idan waya ta ƙi kawo wuta kwata-kwata, ka danna ka danna shiru, ka jona caji ko alamar batir babu, mutane kashi biyu suke rabuwa. Wasu nan take su ce batir ne a canza, wasu kuma su ce ai fanel, wato babban allon da ke ɗauke da kayan cikin waya, ya ƙone sai dai a haƙura. Duk su biyun hasashe suke yi, domin baƙin sikirin ɗin nan da kake gani iri ɗaya ne ko da batir ne ya yi ƙasa sosai, ko wutar caji ce ba ta isa ciki, ko kuma wani abu ne ya lalace a kan fanel. Da ido ba za ka raba su ba. Abin da ke raba su shi ne yadda wayar take jan wuta, nawa take ja, yaushe take fara ja, kuma adadin yana motsi ko a tsaye yake cak.

Kafin a kai ga nan ma sai an tabbatar wayar a mace take da gaske, don da yawa ba su mutu ba, sikirin ne ya ɗauke ko kuma ta daskare da baƙin fuska. Ka kira layin da ke ciki ka ji ko zai shiga, ka jona caji ka kasa kunne ko za ta yi ƙara ko ta girgiza. Sannan ka tilasta mata ta sake tashi: a Samsung ana danne maɓallin rage murya da na kunnawa tare sama da sakan 7, ni ina cewa a kai 15 ma ba laifi, a iPhone 8 zuwa sama kuma ka danna ƙara murya ka saki, ka danna rage murya ka saki, sai ka riƙe na gefe har tambari ya fito. In ta girgiza amma ba hoto to maganar sikirin ce ko fitilarsa, wannan wani babi ne daban.

To mu zo kan batir, don sai an gane shi sauran za su zauna. Batirin waya na litiyom idan ya cika yana kai 4.2V zuwa 4.45V, ya danganta da irinsa, yawancin aikinsa kuma a kusa da 3.8V yake yi. Lokacin da wayarka ta nuna 0% ta kashe kanta, batirin bai ƙare ba fa, yana nan wajen 3.3V zuwa 3.5V, wayar ce ta ja birki da gangan don ta bar masa ɗan abin da zai rayu da shi. Shi ya sa in ka jona caji a lokacin, cikin daƙiƙu kaɗan hoton batir zai fito. Matsalar tana farawa ne in aka bar ta a haka, sati ya wuce, wata ya wuce, ko kuma mai ita ya dinga matsa mata yana kunnawa tana mutuwa yana sake kunnawa. Ko a kashe waya take tana ɗan tsotsar wuta kaɗan kaɗan, batirin ma da kansa yana zubarwa, a hankali sai ya gangaro ƙasa da 3V. Idan ya kai wajen 2.5V akwai wani ɗan siririn allo a jikin batirin kansa, a ƙarƙashin tef ɗin da ke kansa, aikinsa tsaro, shi sai ya yanke hanya gaba ɗaya don kar batirin ya ƙarasa lalacewa. Wannan shi ne nutsewar batir.

Abin da ke ruɗa mutane a nan shi ne waya ba ta yarda ta ɗura wa irin wannan batir wuta da ƙarfi. Ayisin caji, wato ɗan guntun da ke kula da shigar wuta cikin batir, yana fara auna shi tukuna, in ya ga yana ƙasa da 3V sai ya dinga ba shi kaɗan kaɗan, wani lokaci bai fi 0.1A ba, a wasu wayoyin ya kai 0.2A ko ya ɗan haura. Kamar wanda ya daɗe bai ci abinci ba ne, ba a tura masa da yawa lokaci ɗaya. Kuma a duk tsawon wannan lokacin sikirin ba zai nuna komai ba, saboda hoton batir ɗin nan ma sai firosesa, wato ƙwaƙwalwar waya, ta ɗan farka kafin ta zana shi, ita kuma ba za ta farka ba sai batir ya haura wajen 3.3V ko sama. Yi lissafi ka gani. Batir mai 5000mAh, a ce yana buƙatar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari kafin ya fito daga ramin, wato 100mAh zuwa 150mAh kenan, in ana ba shi 0.15A ai kusan awa guda zai ɗauka. Mai waya kuwa minti biyar ya jira, ya ga shiru, ya zare ya canza soket, ya zare ya canza caja, ya danne maɓalli yana ta matsawa, ɗan abin da ya taru ma yunƙurin tashi ya cinye shi, daga nan sai ya yanke hukunci wai waya ta ƙone.

Don haka gwajin farko wanda ba ya buƙatar kayan aiki shi ne haƙuri, amma haƙuri mai ƙa'ida. Caja da kebul waɗanda ka gani da idonka suna cajin wata wayar yanzu yanzu, a jona a bango ba a jikin kwamfuta ba, a ajiye ta awa ɗaya zuwa biyu ba a taɓa maɓalli ba. Bayan minti 20 ko 30 ka ɗora bayan hannunka a bayanta. Ɗumi kaɗan mai yaɗuwa alama ce wuta na shiga. Sanyi ƙalau bayan awa guda yana nufin wataƙila babu abin da ke shiga. Zafi kuma mai tsanani a waje ɗaya, musamman can sama kusa da kyamara inda fanel yake, alhali wayar ba ta kunnu ba, wannan ka zare caja kawai, ba alamar alheri ba ce.

Amma hannu ba mita ba ne. Akwai ɗan ƙaramin abin awo da ake sawa tsakanin caja da kebul, mitar USB, yana nuna bolt da amfiya a ɗan gilashinsa, kuma a ganina duk mai taɓa waya da sunan gyara in ba shi da wannan to a cikin duhu yake aiki. Ka jona matacciyar waya ta cikinsa ka zauna ka kalla. In batir ne ya nutse kawai, za ka ga 5V, amfiya kuma ƙarama, 0.08A ko 0.15A ko makamancin haka, ta zauna a nan na wani lokaci, sai can ka ga ta yi tsalle zuwa 0.4A ko 0.5A, jim kaɗan hoton batir ya bayyana, sai ta haye 1A ko fiye. Wannan hawa mataki mataki shi ne sa hannun nutsewar batir, da ka gan shi ka san hanyar caji lafiya, fanel ma yana iya tashi. Ba sai ka haddace lambobin ba don kowace waya da nata, abin lura shi ne adadin yana hawa.

In kuwa mita ta nuna 0.00A ta kafe a nan, ko ka jira minti goma, to wuta ba ta samun hanya, hankali sai ya koma kan layin caji, kuma daga waje ake farowa. Bakin caji shi ne na farko, kuma abin da ya fi kashe shi ba wani abin mamaki ba ne, dattin aljihu ne. Zaren tufafi da ƙura suna shiga, kullum kan kebul yana danna su ciki har su dunƙule su zama kamar katifa a ƙasan ramin, sai kebul ya daina kaiwa ƙarshe. Za ka gane haka in kan kebul ba ya shiga ya yi ƙas ɗin nan, ko ka ga ƙarfensa ya rage a waje. A haska fitila, a sa siririn abu na roba ko na itace a tono a hankali, ban da allura don tana iya haɗa ƙafafun ko ta karya harshen da ke tsakiya. In ka ga kore kore ko baƙi a kan ƙafafun, ruwa ko gumi ya taɓa shiga.

Akwai wani abu a bakin USB-C da mutane da yawa ba su sani ba kuma yana saurin nuna inda ciwon yake. Cajar da bakinta USB-C ne ba ta sakin wuta haka kawai, sai ta fara jin cewa an jona mata wani abu, tana jin hakan ne ta wasu ƙafafu biyu da ake kira CC, inda ɓangaren waya yake nuna mata juriya ta 5.1kΩ. In waɗannan ƙafafun sun yi tsatsa ko layinsu ya yanke, cajar za ta yi zamanta kamar ba a jona komai ba, ko 5V ɗin ba za ta bayar ba. Ita kuwa tsohuwar caja mai faffaɗan baki, USB-A, kullum 5V ɗinta a buɗe yake ba ta tambayar kowa. Saboda haka wayar da ta ƙi motsi da kebul mai C a kai biyu, a gwada ta da mai faffaɗan kai, a kuma juya kan kebul ɗin ta ɗaya fuskar. In ta fara ja da ɗaya ta ƙi da ɗaya, ka riga ka kama ɓarawon, bakin caji ne ko layin CC, batir da firosesa ba ruwansu.

In duk wannan bai yi ba sai an buɗe. A yawancin wayoyin Android bakin caji yana kan wani ƙaramin allo ne a ƙasa, sai doguwar fileks, wato siririn kebul mai kama da tef, ta ɗauko wutar ta bi ta kan batir ko gefensa ta kai babban fanel a sama. Da caja a jone ana bin 5V ɗin nan da mitar awon bolt tasha tasha: akwai shi a ƙaramin allo? Akwai shi a inda fileks ta hau babban fanel? Ya wuce ɗan ayisin da ke tare wuta in ta yi yawa? Ya isa ayisin caji? Inda ya ɓace nan ne matsalar. Sau da yawa ma fileks ɗin ce ta ɗan ɗaga bayan waya ta faɗi, a danna ta ta koma shikenan. Wani lokacin kuma 5V yana isa har ayisin caji amma ya ƙi tura wa batir, saboda a soket ɗin batir ban da ƙafar wuta biyu akwai wadda ke kawo labarin zafin batir, in wannan layin ya yanke sai waya ta ɗauka batirin ya yi sanyin ƙanƙara ko ya yi zafin da ya wuce ƙima, ta hana caji don kare kanta.

Ka lura da wani abu a nan, matsalar caji a ƙarshe ita ma nutsewar batir take haifarwa. Wayar da ba ta karɓar caji za ta ci abin da ke cikinta har ya ƙare, ta kwanta, batir ya gangara. Shi ya sa tambayar mai waya take da amfani ƙwarai. Kafin ta mutu sai an karkata kebul ko an ɗora mata wani abu take caji? Ta yi kwanaki tana caji a hankali? A kashi nawa ta mutu? Wadda ta sauka 5, 3, 1 ta mutu labarinta daban da wadda take 70% ana cikin kallo ta ɗauke ɗif. Ta biyun batir bai ƙare ba, wani abu ne ya faɗi, ko dai batirin ya tsufa har ba ya iya ɗaukar nauyi, ko fanel.

Da an buɗe waya abu na farko a cire soket ɗin batir a auna shi shi kaɗai. In ya nuna 3.7V ko sama kuma waya ba ta tashi, to a daina zargin caji da nutsewa, wuta tana nan, wayar ce ta kasa amfani da ita. In ya nuna 2.8V ko 3.1V ya nutse, sai a nemi dalili. In ya nuna 0.00V kar a yi saurin cewa ya mutu, galibi allon tsaron nan ne ya rufe ƙofa, ƙwayar batirin tana iya kasancewa da 2.4V a ciki. Masu gyara suna farfaɗo da irin wannan da fawa saflai, injin ba da wuta da ake iya saita masa bolt da amfiya, a saita shi kusan 4V a kuma taƙaita amfiya ƙasa ƙasa, ana taɓa shi ana jin zafinsa har ya haura 3.5V. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne yanke kebul a ɗora 5V kai tsaye a kan batir wai a ba shi shok. Babu abin da ke taƙaita wutar, kuma 5V ya wuce abin da aka gina batirin ya ɗauka. Sannan ƙwayar da ta daɗe ƙasa da 2V ta riga ta lalace daga ciki, jan ƙarfen da ke cikinta yana narkewa ya sake taruwa inda bai kamata ba, ko ta karɓi caji ba abin yarda ba ce. Wanda ya kumbura kuwa ko ya fara wari, ba a farfaɗo da shi, ba a huda shi, canzawa ake yi.

Gwajin da ke raba gardama tsakanin batir da fanel shi ne a ajiye batirin gefe, a ba fanel wuta daga fawa saflai ta soket ɗin batir, a 4.0V ko 4.2V, a zuba wa allon amfiya ido. Kafin a danna maɓalli ya kamata ya nuna sifili ko abin da bai kai a kula ba. In kana jonawa ya zabura zuwa 1A, 2A, ko injin ya yi ƙara ya yanke, akwai shot a babban layin wuta, wato ya haɗe da layin da bai kamata ba, kuma mafi yawan lokuta wata 'yar kafasita ce da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ta haɗe. Ana gano ta da zafi, ko da kyamarar zafi, ko a shafa wa wajen hayaƙin rozin ya yi fari sai a ga inda ya fara narkewa. In kuma sifili ne, sai a danna maɓalli. Lafiyayyar waya za ta ɗauka daga 0.05A zuwa 0.1A, 0.2A, ta yi ta hawa da sauka har ta wuce 0.5A, wannan rawar ita ce firosesa tana aiki. In an danna ba abin da ya motsa, a duba maɓallin kansa da fileks ɗinsa kafin a taɓa ayisin fawa, don ana mantawa da shi alhali shi ne mafi sauƙi. In ta ɗauki kaɗan, kamar 0.05A ko 0.08A, ta tsaya cak ko ta koma sifili da an saki maɓalli, to ta fara tashi ta maƙale a hanya, nan ana maganar ayisin fawa, ko firosesa, ko ma'ajiyar bayanai. Sai dai wasu wayoyin, iPhone musamman, suna son su ji layin bayanan batir kafin su tashi yadda ya kamata, don haka akwai kebul na musamman da ake gwada su da shi.

A irin wannan maƙalewar kwamfuta tana taimakawa. Ka jona wayar ka buɗe Device Manager na Windows, in mai firosesar Qualcomm ce ka ga ta fito da

```
Qualcomm HS-USB QDLoader 9008
```

to firosesa tana da rai amma ta kasa karanta abin da za ta tashi da shi, ko dai sofwaya ta lalace ko ma'ajiyar ce take mutuwa. Masu MediaTek kuma sukan leƙo a matsayin MTK USB Port na ɗan lokaci su ɓace. Filashin, wato sake ɗora mata sofwaya, yana iya tayar da wadda sofwayarta ce ta lalace, amma yana iya share komai, kuma in ma'ajiyar ce ta gaji ba abin da zai yi, saboda haka a tambayi mai waya ko akwai hotuna da takardun da ba shi da su a wani waje kafin a taɓa.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, irin wanda yake cin kuɗin mutane sau biyu. A ce waya mai batir 5000mAh, an kwanta tana 60%, an kashe ta ma, ba a waiwaye ta ba sai bayan kwana biyu, aka tarar ba ta motsi. An sa mitar USB, ta nuna 0.12A, bayan kusan minti 40 ta hau 0.45A, hoton batir ya fito, ta haye 1.5A, ta cika ta kunnu. Kowa zai ce nutsewa ce kawai an gama. To amma tambayar da ba a yi ba ita ce, me ya shanye 60% a wayar da take a kashe? Kashi 60 na 5000mAh shi ne 3000mAh, lafiyayyar waya a kashe sai ta yi watanni ba ta cinye wannan ba. Mai gaggawa zai ce batir ne ya lalace ya sa sabo, bayan kwana biyu a dawo masa da ita a mace, sabon batirin ma ya nutse.

Da an cire batirin an ɗora fanel a fawa saflai da an ga amsar a sakan ɗaya: ba a danna komai ba amma allo yana nuna 0.09A a tsaye. Wannan yoyo ne, shot ɗin da bai gama haɗewa ba, bai isa ya hana waya tashi ba amma dare da rana yana sha. Raba 3000 da 90, awa 33 da ɗoriya kenan, ka ga lissafin ya yi daidai da kwana biyun nan har da ragowar lokacin da batir zai gangara ƙasa da 3V. Daga nan aiki ya koma neman mai shan wutar. Ana cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya ana kallon allo, fileks ɗin ƙaramin allon caji, sikirin, kyamarori. In an cire fileks ɗin ƙasa adadin ya faɗi sifili, to tsatsa ce a ƙaramin allo, canza shi ya wadatar, an huta. In an cire komai 0.09A na nan, yana kan babban fanel, sai a nemi inda ke ɗumi, kuma 0.09A a 4V bai kai rabin wat ba, yatsa ba lallai ya ji shi ba, nan kyamarar zafi take cin kuɗinta. Shi kuma tsohon batirin da aka so a zarga, a caja shi a ajiye shi shi kaɗai kwana biyu a sake aunawa, in ya riƙe 4V ɗinsa ba shi da laifi.

Akwai kuma akasin wannan, inda ake zargin fanel alhali batir ne. Mitar USB tana nuna 0.4A, ta faɗi sifili, ta sake hawa, ta sake faɗi, wani lokaci tambari ya ɗan leƙo ya ɓace, a yi ta haka ba iyaka. Yana kama da ciwon fanel sosai. Amma tsohon batir yana iya nuna 3.6V a mita alhali da firosesa ta nemi 1A don ta tashi sai ya zube ƙasa da 3V, waya ta mutu, caja ta ɗan ɗago shi, ta sake yunƙuri. Mita ba ta ɗora masa nauyi shi ya sa yake yi mata ƙarya. A ɗora wannan fanel ɗin a fawa saflai ko a jona masa wani batir mai kyau na irin wayar, in ta tashi garau har ta shiga ciki to batir ne, in kuma ta ci gaba da wannan hawa da faɗuwar duk da tsayayyen 4.2V da take samu, sai a ajiye maganar batir a ɗauko taswirar fanel a fara auna layukan da ke fita daga ayisin fawa ɗaya bayan ɗaya.